Zan tafi hutun haihuwa: Alhaji ne zai biya ni, ko akwai asusun da zai biya?

Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a wani injin gyaran shinkafa a yankin Kura, ni ce mai awo da ɗinke buhuna. Shekarata biyu da wata uku a wurin, albashina naira 52,000 a wata. Mu ashirin ne, mata takwas. Cikina ya shiga wata na bakwai. Da na yi wa Alhaji mai injin maganar hutu, sai ya ce in je in haihu lafiya, in na yi arba'in in akwai gurbi in dawo, amma shi ba zai biya wadda ba ta yi aiki ba, don mu uku ne masu ciki bana. Har ya ce nan gaba maza kawai zai riƙa ɗauka. Matar yayana da ke aiki a Maraɗi ta ce ita wani asusu ne ya biya ta da ta haihu. Akawunmu kuma ya ce Alhaji yana biyan wata inshora ta ma'aikata, shin ita za ta biya ni? Maigidana ma a injin yake aiki, ya nemi kwana bakwai na suna an ce sai an yanke masa albashi. Alhaji mutumin kirki ne, shi ya biya kuɗin asibitin mahaifina bara. Ba na son in kai shi ƙara, amma in albashin nan ya tsaya ban san yadda za mu yi ba.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ku lafiya.

Bari in fara cire miki ran abin da ba zai zo ba, don kada ki zauna jiransa. Inshorar da akawunku ya ambata, in kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashi ne ake biya, to ta hukumar NSITF ce, wadda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki. Aikinta shi ne biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ko ya rasu a dalilin aiki: bel ya kama hannu, buhu ya faɗo wa mutum a baya, ƙurar shinkafa ta taɓa huhu. Haihuwa ba ta ciki. In kuma inshorar lafiya ce irin ta KSCHMA a nan Kano, ko JICHMA a Jigawa, ita asibiti take biya kuɗin awo da magani da karɓar haihuwa, ba ta mayar wa mace albashin da ta rasa. A Najeriya a yau babu asusun da ke biyan ma'aikaciyar kamfani kuɗin hutun haihuwa. Doka a kan mai ɗaukar aikin ta ɗora kuɗin, shi kaɗai. Wato Alhaji.

Ga abin da Dokar Ƙwadago ta ce a sashe na 54. Mace tana da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita da ke nuna cewa za ta haihu cikin mako shida masu zuwa. Bayan haihuwa kuma ba a yarda ta yi aiki ba har mako shida, ko da ita ce take so. Mako goma sha biyu ke nan in an haɗa. Idan ta yi wa mai aikin wata shida ko fiye a jere kafin tafiyarta, dole ya biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba na wannan lokacin. Ba shi da ikon ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ko takardar da wa'adinta zai cika tana cikin hutun. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Dokar ta shafi masana'antu da wuraren kasuwanci da gonaki, kuma ta shafi mai aikin hannu ko na akawu, ko da da baki aka ɗauke ta aiki ba a rubuce ba. Awo da ɗinkin buhu aikin hannu ne, kina ciki sarai. Don adalci ki san abin da dokar ta ɗauke wa Alhaji: ba ta wajabta masa kuɗin asibitinki ko na magani ba.

Saboda haka maganar "in akwai gurbi" ba ta da mazauni. Gurbin naki ne, ana riƙe miki shi ne kawai.

Yanzu mu yi lissafi, domin yawancin rigimar nan tana tasowa ne daga rashin ɗora alƙalami a takarda. Naira 52,000 sau wata goma sha biyu ta kama 624,000 a shekara. A raba ta mako 52, kowane mako naira 12,000. Mako goma sha biyu naira 144,000 ke nan, rabinta kuma 72,000. Wannan shi ne hakkinki mafi ƙaranci: naira 72,000, ko ki ce 6,000 kowane mako. Na tabbata a ran Alhaji kuɗin ya fi haka yawa, domin yana lissafa naki da na wadda za ta riƙe miki aikin. Amma albashin mai riƙon gurbi ba sabon kashe kuɗi ba ne, shi ne 144,000 da zai biya ki da kina nan tsaye a bakin sikeli. Abin da ya ƙaru a kansa 72,000 ce kawai. Ku uku, in albashinku ɗaya ne, naira 216,000 a shekarar.

Kada ki raina wannan kuɗin a idonsa, kuma kada ki ɗauka mugunta ce ta sa ya tsuke fuska. Mai ƙaramin inji kuɗinsa a shanshera yake, da man dizal, da bashin da 'yan kasuwa suka kwashi kaya ba su biya ba. Bai san shekarar da mace ɗaya za ta haihu ba, bai san wadda huɗu za su haihu a wata guda ba, kuma abin yakan faɗo daidai lokacin da ya zuba komai a sayen kaka. Sannan ya leƙa injin maƙwabcinsa ya ga maza zalla, bai taɓa biyan sisin kwabo na haihuwa ba, alhali matan waɗannan mazan suna haihuwa a gida kamar kowa. A kasuwa kuma farashin buhunsu ɗaya. Daga nan tunanin "maza kawai zan ɗauka" yake fitowa. Ba Alhaji kaɗai ba ne, duk ƙasar da aka ɗora kuɗin haihuwa a kan mai aiki shi kaɗai ana ganin haka: a ƙi ɗaukar amarya, a tambayi mace ko tana da aure kafin a tambaye ta abin da ta iya, a mayar da mata 'yan aikin yini don kada a ce sun yi wata shida a jere, ko a nemi dalilin sallamar mace da zarar ciki ya fito. Dokar da aka yi don kare mace sai ta zama abin da ke rufe mata ƙofa. Wannan bai ɗauke wa Alhaji hakkin da ke kansa ba, amma zai taimake ki ki san cewa ba da ke yake faɗa ba, da nauyin da ya sauka a kansa shi kaɗai yake yi.

Abin da matar yayanki ta samu a Maraɗi ɗayan tsarin ne. A Nijar hutun mako goma sha huɗu ne, kuma asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana biyan ma'aikaciyar da aka yi wa rajista rabin albashinta. Kuɗin yana fitowa daga gudummawar da masu ɗaukar aiki ke zubawa kowane lokaci a kan dukkan ma'aikatansu, maza da mata, ko an haihu ko ba a haihu ba. Sirrin yana cikin wannan kalma ta "dukkan". Tun da mai ɗaukar maza zalla da mai ɗaukar mata kuɗi ɗaya suke zubawa a kan kowane albashi, gudun mace ba zai rage wa kowa wannan kuɗin ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsaya a kan haka tun yarjejeniyarta ta farko kan haihuwa a 1919, kuma yarjejeniya mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutu kada ya gaza mako goma sha huɗu, kuɗi kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashi, a biya daga inshorar al'umma ta dole ko daga baitulmali, kada a bar shi a wuyan mai aiki shi kaɗai. Da wannan ma'aunin ake bi a kanki, da naira 8,000 za ki riƙa samu a mako har mako goma sha huɗu, jimla 112,000, kuma ba daga aljihun Alhaji a rana ɗaya ba. Najeriya ba ta rattaba hannun amincewa da wannan yarjejeniyar ba, don haka ba za ki iya riƙe ta ki ce a biya ki da ita ba. Na kawo ta ne don ki ga inda tazarar take.

Ƙasar Jodan ta taɓa zama irin tamu, mai ɗaukar aiki ne ke biyan hutun mako goma. A dokar 2010 suka mayar da shi asusu, aka fara aiki da shi a 2011, kowane mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 0.75 cikin ɗari na albashin kowane ma'aikaci, namiji ko mace. A albashi irin naki, naira 390 ke nan a wata. Kuɗin da bai kai na kwanon abincin rana ba shi ya maye gurbin dunƙulen da ke faɗo wa mutum ɗaya ba shiri.

Ba zan ce miki asusu ba shi da nasa ciwon ba. Wadda ba a yi wa rajista ba ba ta samun komai, kuma a ƙauye su ne mafi yawa: mai dafa shinkafa a gida, mai tsinta, mai sussuka, mai talla. Akwai mai aikin da zai yanke gudummawa daga albashi ya ƙi kai wa asusun, mace ba za ta sani ba sai ranar da ta je nema aka ce sunanta ba ya cikin littafi. Akwai jinkirin takardu, kuɗin da ake buƙata ranar suna ya zo bayan an yaye yaro daga zanin goyo. Ta wannan fuskar ke kina da abu ɗaya da ya fi na mai jiran asusu: wanda zai biya ki kina ganinsa kullum, ya san mahaifinki, kuma yana jin kunyar jama'a. Mu yi amfani da wannan.

Abu na farko, tun yau, kafin ki sake buɗe baki, ki tara shaidar cewa kin yi aiki a jere da kuma yawan albashinki. In ta banki ake biyan ku, ki je ki karɓi takardar bayanin asusunki ta wata shida zuwa shekara, ko ki adana saƙonnin shigar kuɗi. In a hannu ake ba ku, akwai littafin da kuke sa hannu ko dangwale a wurin akawu, ki roƙe shi ki ɗauki hoton shafukan da sunanki yake. Dokar ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, amma mafi yawan injinan ƙauye ba sa bayarwa, kuma rashinta ba ya soke hakkinki, sai dai ya sa hujja ta yi wuya. Inda mata suka fi faɗuwa shi ne a nan: a ce ai 'yar aikin yini ce, ko a ce ta taɓa tafiya wata biyu da damina ta dawo, don haka lissafin wata shida ya sake farawa. In kin taɓa yin irin wannan tafiyar, ki duba ranar da kika dawo ki tabbata wata shida zai cika kafin ranar fara hutu.

Sai takardar likita. Katin awo da ake ba ku a ƙaramin asibitin ƙauye yana da amfani, amma dokar takardar likita mai rajista ta ambata. Idan kin kai mako na 34, wato saura mako shida a lissafin asibiti, ki je babban asibiti da katin awonki da hoton ciki in kin yi, ki ce kina son takardar hutun haihuwa. Ki duba akwai sunanki daidai yadda yake a littafin albashi, da ranar da ake sa ran haihuwa, da sa hannun likita da hatimin asibiti. Ki yi kwafi biyu. Ki rubuta 'yar wasiƙa, da Hausa ma ta isa: ranar da za ki fara hutu, ranar da za ki dawo, da roƙon a biya ki rabin albashi kamar yadda sashe na 54 ya tanada. Ki ba akawu, ya sa hannu da kwanan wata a kwafinki. Tsakanin yau da ranar nan ki kiyaye makara da fashi ba izini, domin kariyar da dokar ta fayyace tana farawa ne daga ranar da kika tafi hutu, kuma a makonnin da suka rage ne ake neman dalili a kan mace.

Abubuwa biyu kada ki yarda da su ko an yi miki daɗin baki. Kada ki rubuta ko ki dangwala takardar ajiye aiki a kan alƙawarin za a sake ɗaukar ki, domin wadda ta ajiye aiki ba ta cikin hutu, ba ta da rabin albashi, ba ta da gurbi. Kuma kada ki karɓi kuɗin da sunan bashi da za a riƙa yankewa bayan kin dawo. In an ba ki kuɗi, a rubuta "kuɗin hutun haihuwa" a littafi ko a bayanin turawa ta banki.

Game da yadda za a tunkari Alhaji, ni ban ga ya kamata ki je ke kaɗai da doka a baki ba. Mutumin da ya tsaya wa mahaifinki a asibiti, in yarinya ta tsaya gabansa tana karanta masa sashe, abin da zai ji shi ne an ci masa fuska, kuma daga nan ba lissafi zai yi ba. Ki sa mahaifinki ya je, ko limamin unguwa, ko wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, su fara da godiya a kan abin da ya yi bara, sannan su ajiye masa takardar lissafin nan. Su ce masa ba 72,000 a dunƙule ake nema ba, a raba ta uku, 24,000 kowane ƙarshen wata tare da albashin sauran. Ke kuma ki kawo naki: ki nemo wadda za ta riƙe miki sikeli, ki koya mata awo da ɗinki da rubuta adadin buhuna mako biyu kafin ki tafi, a gaya mata tun farko cewa aikin wata uku ne. Rabin tsoron mai inji ba kuɗin ba ne, tsoron kada awo ya lalace a hannun sabuwa ne, buhu ya fita da ragi 'yan kasuwa su dawo da shi. Ku ukun ku haɗa kai ku rubuta masa watannin da kowacce za ta tafi, ya ga ba rana ɗaya za a bar masa wurin ba. Wanda ya biya asibitin da ba dole a kansa ba, da wuya ya ƙi abin da yake dole in an kawo masa shi ta hanyar da zai fita da mutuncinsa.

Akwai abin da za ki so ki yi wanda nake so ki yi tunani a kansa. Mata da yawa sukan yi aiki har ranar naƙuda don su tara makonnin su ci bayan haihuwa. Dokar ba ta ba da wannan musayar da kanta ba: shida na kafin haihuwa dama ce, in ba ki ɗauka ba ta wuce, shida na bayan haihuwa ne dole, kuma sun yi kusan daidai da arba'in ɗin da aka saba. In kina so ki yi mako biyu kafin haihuwa da goma bayanta, sai da yardar Alhaji, kuma a rubuta. Shi ma zai iya so, domin kuɗin ɗaya ne. Amma aikinki tsayuwa ce da sunkuyo da jan buhu cikin ƙura. In ƙafa ta kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko kin ga jini, ki bar lissafin makonni ki tafi asibiti a ranar. In haihuwar ta zo da tiyata ko wata larura har likita ya rubuta cewa ba za ki iya aiki ba bayan mako shidan, ki kai takardar da wuri: tana hana a sallame ki, ko da yake ba ta wajabta ƙarin biya ba.

Maganar maigidanki kuma, a nan dokar ba ta tare da ku. Dokar Ƙwadago ba ta ambaci hutun uba ba sam. Wanda kike ji a rediyo na ma'aikatan gwamnatin tarayya ne: a 2021 aka amince da kwana 14 na aiki ga uba, ba fiye da sau ɗaya a shekara biyu ba, kuma har 'ya'ya huɗu. Jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10 tun 2014. Duk waɗannan gwamnati ce ke biyan ma'aikatanta a matsayin mai aiki, ba asusu ba ne, kuma ba su hau kan injin shinkafa ba. Abin da maigida zai iya yi shi ne ya nemi kwanakin daga hutunsa na shekara, domin dokar ta ba wanda ya yi wata goma sha biyu a jere aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. In ya riga ya cinye, ya yi musayar kwanaki da abokin aikinsa. Ni da zan zaɓa masa, ba zai zuba duka a hidimar suna ba. Ranar haihuwa da kwana biyun da ke biye sun fi buƙatarsa, lokacin da ake neman mota cikin dare, ko mai ba da jini, ko wanda zai sa hannu a asibiti. Ranar suna akwai dangi. Ku kuma zauna ku biyu ku lissafa cewa wata uku gidan zai rasa naira 72,000 ko da an biya ki hakkinki cif. Ciyarwa da tufatar da mai jego a kansa suke, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta faɗa, kuma itacen wanka da kunun kanwa da abinci mai kyau su ne gaba da girman ragon suna.

In dattawa sun je Alhaji ya kafe, akwai matakai kafin kotu. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a Kano, kuma aikin jami'anta ne su kira mai aiki su sasanta. Sau da yawa takardar gayyata kaɗai tana isa. Bayan nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ma tana da reshe a Kano, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakon mata a irin wannan. Amma ki auna da idon basira: shari'a a kan naira 72,000 tana iya cin watanni da kuɗin mota, ga shi ku biyu a inji ɗaya kuke ci. Wannan hanya ce ta ranar da aka sallame ki, ba ta ranar farko ba. Shi ya sa takardun nan suke da muhimmanci ko da ba za ki taɓa nuna su a gaban alƙali ba.

Saura maganar "maza kawai", wadda ta fi damuna, domin ta wuce ke, ta shafi ƙannenki da ke tasowa. Dattijon da zai je wurin Alhaji ya tafi da wannan lissafin ma. Mu ɗauka, a matsayin misali, injina goma ne a yankinku, kowanne da ma'aikata ashirin a albashi irin naki. In kowane mai inji ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari a kan kowane ma'aikaci, naira 520 ke nan a wata, mutum 200 su ba da 104,000 a wata, 1,248,000 a shekara. Wannan zai biya haihuwa goma sha bakwai a kan 72,000. Rabon Alhaji a ciki 10,400 a wata, 124,800 a shekara, maimakon 216,000 da ta same shi bana, kuma ya san adadin tun farkon shekara. Wannan ba adashi ba ne da kowa ke jiran kwasarsa, taimakekeniya ce da ake zubawa don wadda abin ya zo kanta. Masu injina da ke da ƙungiya za su iya yin sa a tsakaninsu ba sai sun jira Abuja ba, sai dai ya zama sun san ramukan. In shiga ta ganin dama ce, masu maza zalla za su ƙi, a bar masu mata su kaɗai, asusun ya ƙare kafin shekara. Dole ƙungiya ta sa shi sharaɗin zama mamba. Dole a sa wa'adi, kamar sai an zuba wa mace wata tara ko goma kafin ta ci, in ba haka ba kowa sai ya ga ciki zai kawo suna. Kuɗin ya zauna a banki da sa hannun mutum uku, kada ya zauna a aljihun ma'aji ya shiga sayen shanshera. In kuma ana so a haɗa da uba, a sake lissafi da kyau: maza sun fi yawa a injinan, wasu da mata biyu ko uku, haihuwa arba'in a shekara a biya mako ɗaya kan 12,000 ta kai 480,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na asusun. Kuma ko an kafa shi, a gaban doka Alhaji ne mai biya, asusun mayar masa zai yi.

In babu wanda ya yarda ya shiga, Alhaji shi kaɗai zai iya ware naira 10,000 zuwa 15,000 kowane wata a asusu na daban. Ba zai raba nauyin da kowa ba, amma zai raba shi a kan watanni, kuma shekarar da ba a haihu ba ta tallafi wadda aka haihu uku.

Wannan ba zai iso kafin haihuwarki ba, ƙanwata, naki yana cikin takardar likita da littafin albashi da dattijon da zai yi magana. Ki fara da hoton littafin gobe da safe, tun akawu bai ji an fara maganar ba. Allah ya kawo mai albarka.